Yadda ake tsara tambayoyin zaman muhawara irin na Sokratis don bin hujja daga muƙaddima zuwa natija

Zaman muhawara irin na Sokratis shi ne inda ɗalibai ke zama a da'ira da rubutu ɗaya a hannun kowa, jagora kuma yana tambaya kawai, ba ya karantarwa. Idan rubutun hujja ce ta falsafa, akwai inda zaman ya saba lalacewa. Jagora zai tambayi ɗalibai ko sun yarda da abin da marubucin ya ƙare a kansa, kowa ya faɗi ra'ayinsa, lokaci ya ƙare, a tashi ba wanda ya san ta wace hanya marubucin ya isa wurin. Maganin wannan shi ne kowace tambaya ta kasance a ɗaure da wani layi na hujjar mai lamba, kuma a raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa: ko natijar ta fito daga muƙaddimomin, da ko muƙaddimomin gaskiya ne. Muƙaddima ita ce maganar da aka aza a matsayin tushe, natija kuma ita ce abin da aka ce ya biyo bayanta dole.

Za mu bi matakan da misali ɗaya tak, wato hujjar da Sokratis, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya kawo a kan dalilin da ya sa ba zai gudu daga kurkuku ba.

Zaɓen rubutu da yanka shi

A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kotun birnin Atina na ƙasar Girka ta yanke wa Sokratis hukuncin kisa, bisa zargin ɓata tarbiyyar matasa da ƙin yarda da allolin birnin. Yana da kimanin shekara 70 a lokacin. Almajirinsa Aflatun ya rubuta wata gajeriyar tattaunawa, wadda za ka samu da sunan Crito, inda wani tsohon amininsa mai wadata, Kirito, ya zo masa kurkuku da asuba yana roƙonsa ya gudu. Kuɗin sayen masu tsaro suna nan, akwai kuma abokai a yankin Tesaliya da za su karɓe shi. Sokratis ya ƙi, ya kuma kawo dalilansa.

Wannan rubutu ya dace da aikin saboda gajere ne, natijarsa a fili take, kuma mutum mai hankali yana iya ƙin yarda da ita. Amma ko shi ma kada ka ba da shi duka a zama ɗaya. A gefen shafukan yawancin fassarorin Aflatun akwai lambobi da haruffa, waɗanda suka samo asali daga wani bugu na shekarar 1578, kuma iri ɗaya ne a kowace fassara. Tattaunawar ta fara daga 43a ta ƙare a 54e. Ka ba ɗalibai daga 49a zuwa 53a, wanda bai wuce shafi huɗu ko biyar ba. Su karanta sau biyu kafin ranar, su ja layi a ƙarƙashin duk inda suka ga kalmomi irin su "saboda", "tunda", "don haka", "ashe kenan". Abin da ya biyo bayan "tunda" yawanci muƙaddima ce, abin da ya biyo bayan "don haka" yawanci natija ce, babba ko ƙarama.

Mutum 10 zuwa 15 sun isa da'ira ɗaya. Idan sun fi haka, a yi da'ira biyu, ta ciki tana magana, ta waje tana rubuta lambar layin da kowane mai magana ya taɓa. Minti 60 zuwa 75 ya wadatar.

Rubuta hujjar da kanka tun kafin zaman

Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokacin jagora, kuma ba wanda zai gan shi. Ka fara daga ƙasa: rubuta natijar a jimla ɗaya. Sannan ka tambayi kanka me ya kamata ya tabbata kafin wannan ta tabbata, ka rubuta shi a samanta, ka sake yi wa wannan ɗin tambaya iri ɗaya, har ka kai maganar da marubucin bai kafa mata dalili ba a cikin wannan rubutu.

Da ka fara za ka ga cewa Sokratis, wanda ya sa dokokin Atina suna magana kamar mutane, ya kawo hujja uku ne a haɗe. Ta farko ta ce guduwa rushe dokoki ne, domin birnin da hukuncin kotunsa ba ya aiki ba zai tsaya ba. Ta biyu ta ce dokoki kamar iyaye suke gare shi, tunda ta hanyarsu aka ɗaura auren iyayensa, aka rene shi, aka ilmantar da shi. Ta uku ta ce ya yi alkawari. Zama ɗaya ba zai ɗauki ukun ba. Ni ta uku nake zaɓa, domin ita ce matakanta suka fi fitowa tsaf. Ga yadda take:

1. Bai halatta mutum ya yi zalunci ba, ko da a kan wanda ya zalunce shi.
2. Saɓa alkawari, idan alkawarin na adalci ne, zalunci ne.
3. Wanda ya ga yadda birni ke shari'a, yana da damar tafiya amma ya zauna, ya yi alkawarin biyayya da aikinsa.
4. Sokratis ya gani, yana da damar tafiya, ya zauna.
5. Don haka Sokratis ya yi alkawarin biyayya.
6. Guduwa daga kurkuku saɓa wannan alkawari ne.
7. Don haka guduwa zalunci ne.
8. Don haka bai halatta ya gudu ba.

A gefen kowane layi ka rubuta inda ya fito. Na 1 yana 49b zuwa 49d, na 2 yana 49e, na 3 yana 51d da 51e, na 4 yana 52b zuwa 53a. Layukan 5, 7 da 8 ba su da tushe na kansu, daga waɗanda ke samansu suke fitowa, saboda haka ka rubuta lambobin iyayensu: 5 daga 3 da 4, 8 daga 1 da 7. Wannan takarda taka ce. Ba za ka raba ta ba, ba za ka kwafe ta a allo ba. Amfaninta shi ne ka gane inda ɗalibai suke idan sun ɓata, kuma ka kasance a shirye ka gyara ta idan nasu tsarin ya fi naka.

Tambayar buɗewa da gina hujjar a allo

Kada ka buɗe da "Kun yarda da Sokratis?" ko "Da ku ne za ku gudu?" Waɗannan tambayoyi ana amsa su ba tare da an buɗe takarda ba. Ka buɗe da cewa: "Mene ne ainihin abin da Sokratis yake so Kirito ya yarda da shi? Ku faɗe shi a jimla ɗaya, ku nuna mana layin." Amsoshin za su bambanta, kuma bambancin shi ne aikin farko. Wani zai ce natijar ita ce dole a bi doka a kowane hali. Wata za ta ce natijar ita ce Sokratis shi kaɗai, a wannan hali nasa, bai kamata ya gudu ba. Ka tambaye su wanne ne ya fi faɗi, kuma wanne ne rubutun yake buƙata. Idan aka ɗauki mai faɗin a matsayin natija, sauran zaman zai tafi ne wajen rushe abin da wataƙila Sokratis bai ma faɗa ba. Kada a wuce nan sai an rubuta natija ɗaya a ƙasan allo kowa ya amince cewa ita ce ta rubutun, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba.

Daga nan sai a hau sama da tambaya ɗaya da za ka yi ta maimaitawa ta fuskoki daban-daban: "Me ya dogara da shi ya faɗi haka?" Wani ɗalibi ya tsaya a allo yana rubutawa yana sa lamba. Duk wanda ya kawo muƙaddima sai ya karanta wurin da ya samo ta. Idan ya kasa nunawa, kada a jefar da maganarsa, a rubuta ta a gefen allo da alamar tambaya, domin wani lokaci irin waɗannan ne muƙaddimomin da marubucin ya yi amfani da su bai furta ba.

Tambayoyin da ke aiki a wannan mataki gajeru ne. Wannan jimla dalili ce ko abin da ake kafa wa dalili? Sokratis ne ya faɗe ta, ko dokoki ya sa suka faɗa, kuma hakan ya canza wani abu? Kirito ya amince da ita kafin a wuce? Ta ƙarshen tana da amfani na musamman a wannan rubutu. A 49d Sokratis ya gargaɗi Kirito kada ya amince da layi na 1 in ba har zuciyarsa ba, yana cewa mutane kaɗan ne suka yarda da shi. A 50a kuma, da aka tambayi Kirito ko guduwa cutar da waɗanda bai kamata a cutar ba ne, kuma ko ta dace da abin da aka amince, sai ya ce ba zai iya amsawa ba domin bai gane ba. Ka tambayi ɗalibai me ya sa ya tsaya a daidai nan. Marubucin da kansa ne yake nuna maka inda gaɓar take da tauri.

Ka ware wa wannan kimanin minti 20. Bayan kowace tambaya ka yi shiru, ka ƙirga aƙalla daƙiƙa biyar a zuci kafin ka sake magana. Shirun yana da nauyi a kan jagora fiye da kan ɗalibai, kuma wanda ya kasa jure shi shi ne zai ƙare yana amsa tambayoyinsa da kansa.

Gwada ko natijar ta fito

Yanzu hujjar tana allo. Ka kafa doka ta minti 15: ba wanda zai ce wata muƙaddima ƙarya ce. Za a ɗauke su duka a matsayin gaskiya, a duba abu ɗaya kawai, wato ko zai yiwu dukkansu su zama gaskiya amma natijar ta zama ƙarya. Ɗalibai ba sa son wannan doka, domin kowa yana ɗokin kai wa layi na 3 hari. Ka riƙe su. Wanda bai iya cewa "ban yarda da wannan ba, amma idan gaskiya ne to wancan ya biyo baya" bai fara bin hujja ba tukuna.

Ana gwajin ne gaɓa-gaɓa, ba a dunƙule ba. "Daga waɗanne layuka na 5 ya fito?" Za su ce 3 da 4. "Akwai hanyar da 3 da 4 za su tabbata, 5 ya ƙi tabbata?" Babu, wannan gaɓa lafiya take, a wuce da sauri. Haka ma daga 1 da 7 zuwa 8. Wata dabara kuma ita ce ka rufe layi ɗaya da hannu ka ce: "Idan muka cire wannan, me ya faɗi?" Idan aka cire layi ba abin da ya motsa, to ba muƙaddima ba ce, ado ne ko misali. Da wannan gwaji ne ɗalibai ke gane cewa maganar da dokoki suka yi, cewa Sokratis zai zama abin dariya idan ya bar birnin, ba ta riƙe komai a wannan sarƙa.

Inda za a daɗe shi ne layi na 7. Ga yadda tattaunawar kan iya tafiya:

Jagora ya ce, "Na 7 daga ina ya fito?"

Wani ɗalibi ya ce, "Daga 2 da 5 da 6, Malam. Ya yi alkawari, guduwa saɓa shi ne, saɓa alkawari kuma zalunci ne."

"Karanta mana na 2 kamar yadda yake a allo."

"Saɓa alkawari, idan alkawarin na adalci ne, zalunci ne."

"To na 5 fa?"

"Sokratis ya yi alkawarin biyayya."

Jagora ya yi shiru. Can sai wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai na 2 yana da sharaɗi. Na 5 bai ce alkawarin na adalci ba ne, ya ce dai an yi shi."

"Wane layi ne a allon ya ce na adalci ne?"

"Babu."

"To me za mu ƙara don 7 ya fito?"

Wannan ita ce tambayar da zaman gaba ɗaya yake tafiya zuwa gare ta. Abin da za a ƙara shi ne: alkawarin da Sokratis ya yi na adalci ne. A rubuta shi da wani launi daban, a sa masa lamba 5a, don kowa ya ga cewa mu muka ciro shi, ba a jere yake a rubutun ba. Lura cewa jagora bai faɗi giɓin ba. Ya sa an karanta layuka biyu a jere ne kawai, sannan ya yi shiru.

Akwai ƙa'ida wajen cike irin wannan giɓi. Ana ƙara mafi ƙanƙantar magana da za ta sa natijar ta fito, kuma wadda marubucin zai iya amincewa da ita. Idan ɗalibi ya ce abin da ya ɓace shi ne "duk abin da hukuma ta ce daidai ne", ka tambaye shi ko hujjar tana buƙatar magana mai girma haka, kuma ko Sokratis zai sa hannu a kanta. Ba zai sa ba, domin rubutun kansa ya yarda an zalunce shi. A 54c dokoki suna ce masa mutane ne suka zalunce shi, ba su ba.

Sai a koma kan muƙaddimomin

Yanzu a ɗage dokar. Amma kada a bi layukan ɗaya bayan ɗaya da lokaci daidai wa daida. Ka tambayi ɗalibai wane layi ne ya fi ɗaukar nauyi kuma ya fi rauni, kowa ya rubuta lamba a takarda kafin a yi magana, don kada kowa ya bi bakin na farko. Layi na 4 labari ne, kuma rubutun ya cika shi da shaida: Sokratis kusan bai taɓa barin birnin ba sai don aikin soja, ya haifi 'ya'yansa a ciki, bai koma birnin Sifata ko tsibirin Kirit ba duk da yana yaba dokokinsu, kuma a kotu yana iya neman a kore shi daga gari maimakon kisa amma bai nema ba. Minti biyu sun ishe shi. Yawanci ƙuri'u za su taru a kan 3 da 5a.

A kan layi na 3, tambayar da ta fi kaifi ita ce neman misali mai karyawa: "Ku kawo mutumin da ya cika dukkan sharuɗɗan layin, ya gani, ƙofa a buɗe, ya zauna, amma ba za mu ce ya yi alkawari ba." Ɗalibai kan kawo talakan da ba shi da guzuri, ko mai jinyar tsofaffin iyayensa. Masanin falsafar nan na Sikotlan, Dauda Hiyum, ya kawo irin wannan suka a 1748, inda ya kwatanta talakan da bai san wani harshe ba kuma ba shi da abin tafiya da mutumin da aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, sannan aka ce ya yarda da mulkin mai jirgin tunda bai faɗa teku ba. Kada ka kawo sunan Hiyum sai bayan ɗalibai sun kai wurin da kansu, in ba haka ba za su daina tunani su fara rubuta abin da ka ce.

Bayan misalin sai tambaya ta biyu, wadda ake yawan mantawa: "Wannan misali ya rushe layin, ko ya nuna yana buƙatar gyara ne?" Mai kare Sokratis zai ce talakan nan ba shi da damar tafiya ta gaskiya, saboda haka bai cika sharaɗin ba tun farko. To a gyara layi na 3 ya ce "dama ta gaskiya". Sai ka tambaya: "Da wannan gyara, layi na 4 yana nan?" Ga Sokratis, mai abokai masu kuɗi a ciki da wajen birnin, da alama yana nan. Abin da ɗalibai za su gani shi ne cewa hujjar ta tsira a kan mutum ɗaya amma ta ƙanƙance, ba ta ƙara ɗaure kowane mazaunin birni ba. Duk lokacin da aka gyara layi a sama, a sake bin sarƙar zuwa ƙasa a ga abin da ya canza.

Layi na 5a ya fi wuya, kuma a nan nake ganin ya kamata a kashe mafi yawan lokacin da ya rage. Ka tambaya: "Da muka ce alkawarin na adalci ne, me muke nufi?" Akwai ma'ana biyu. Ɗaya ita ce an ƙulla shi ta hanya mai kyau. Ɗaya kuma ita ce abin da aka yi alkawarin aikatawa shi kansa daidai ne. Ka tura su rubutun su nemo wadda dokoki suka kare. A 52e za su samu dokoki suna cewa ba a tilasta masa ba, ba a yaudare shi ba, ba a kuma gaggauta shi ba, tunda yana da shekara 70 na yin shawara. Wannan duk a kan ma'ana ta farko ce. Ta biyun fa? Mutum yana iya yin alkawari da yardarsa, ba tilas ba yaudara, a kan abin da bai halatta a aikata ba. Idan alkawarin biyayya ya haɗa da bin umarnin zalunci, to layi na 5 ya yi karo da layi na 1, hujjar ta cinye kanta.

A nan ne ya dace ka kawo wani abu daga wajen rubutun, a ɗan gajeren sakin layi da ka tanada. A jawabin kare kansa a kotu, kamar yadda Aflatun ya rubuta shi, Sokratis ya ba da labarin lokacin da wasu mutum talatin da suka riƙe mulkin Atina a shekarun 404 zuwa 403 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka umarce shi, shi da wasu mutum huɗu, su je tsibirin Salamis su kamo wani mai suna Liyon don a kashe shi. Sauran suka tafi, shi ya koma gida. Tambayar ita ce: "Mutumin da ya ƙi wannan umarni, ta yaya yake cewa dole ya bi hukuncin da ya san na zalunci ne? Wane layi ne ya bambanta halin biyu?" Ɗalibai masu lura za su koma layi na 1 su ga cewa yin zalunci ya hana, bai ce komai a kan jure shi ba. Kamo Liyon aikata zalunci ne, zama a kurkuku kuwa ɗaukarsa ne. Wasu za su ce mutum talatin ɗin ba halastacciyar hukuma ba ce, don haka alkawarin bai shafe su ba. Amsoshin biyu duka suna da ƙarfi, kuma kowace tana gyara wani layi daban, ta farko 5a, ta biyu 3. Ka sa su faɗi wanne. Wani kuma zai tayar da tambayar da Kirito ya fara yi tun a 45c, cewa wanda ya miƙa kansa ga hukuncin zalunci alhali yana iya tsira yana taimaka wa maƙiyansa su cika nufinsu ne. Idan haka ne, iyakar da ke tsakanin aikatawa da jurewa ba ta da tsabta kamar yadda aka zata. Ba dole ba ne a warware wannan a zaman.

Alamomin cewa zaman ya kauce

Alama ta farko ita ce a yi minti biyar ba wanda ya ambaci lamba ko ya dubi takarda. Ka dawo da su da tambaya ɗaya: "Wannan maganar taka wane layi take taɓawa?" Idan ba ta taɓa ko ɗaya ba, a ajiye ta a gefen allo, komai daɗinta. Alama ta biyu ita ce kowace amsa ta riƙa dawowa wurinka. Idan ɗalibi ya kalle ka bayan ya gama magana, ka dubi allo ko ka ce wa wani, "Maimaita mana abin da ta ce, sannan ka faɗi ko ya rushe layin." Maimaitawar tana tona rashin fahimta da yawa, domin sau da yawa mutum biyu suna jayayya ne a kan layuka daban-daban ba su sani ba.

Akwai kuma kuskuren da kusan kowane aji ke faɗawa: da an raunana muƙaddima ɗaya sai a ce ashe Sokratis ya yi kuskure, kamata ya yi ya gudu. Ka tambaya: "Me muka nuna, cewa natijar ƙarya ce, ko cewa wannan hanya ba ta kai mu gare ta ba?" Rushe hujja ba ya tabbatar da kishiyar natijarta. A wannan rubutu ma abin ya fi fitowa fili, tunda hujjar rushe dokoki da ta iyaye suna nan ba a taɓa su ba, kuma kowace tana iya kaiwa layi na 8 ita kaɗai.

Kai ma jagora kana da naka tarkon, wato tambayar da amsarta ke cikinta, irin su "Ba ku ga cewa layi na 3 ba shi da ƙarfi ba?" Wannan huɗuba ce da alamar tambaya a ƙarshenta. Hanyar gane ta ita ce ka duba ko ɗalibi zai iya amsawa ta fuska biyu, kowace da shaida daga rubutun. Idan fuska ɗaya ce kawai, ko dai ka faɗi maganar kai tsaye a matsayin ra'ayinka, ko ka mayar da ita "Me ke riƙe da layi na 3, kuma ya isa?"

Minti goma na ƙarshe

A nan ne kawai za ka yi tambayar da ka hana a farko, kuma a rubuce za a amsa ta, da sharaɗi. Wanda ya ƙi natijar dole ya faɗi lambar layin da ya ƙi, ko gaɓar da yake ganin ba ta haɗu ba, da dalilinsa a jimla biyu ko uku. Wanda ya yarda da natijar dole ya faɗi layin da ya fi jin tsoro a kansa da yadda zai kare shi. Ba a karɓar "na yarda da dukkan layukan, na yarda sun haɗu, amma ban yarda da natijar ba". Wanda ya samu kansa a nan, ka ce ya rubuta hakan, sannan ya zaɓi layin da zai koma ya sake dubawa.

Ka tattara takardun ka ƙirga lambobin. Idan yawanci sun taru a kan 5a, zama na gaba ya fara daga 51b zuwa 52a, inda dokoki ke cewa mutum ko dai ya shawo kansu ko ya yi biyayya, a tambayi ko wannan zaɓi ya isa ya sa alkawarin ya zama na adalci. Idan kuwa da yawa sun rubuta ra'ayi ba lamba, kada ka wuce zuwa sabuwar hujja. Ka ɗauki ta rushe dokoki da ke 50a da 50b, wadda layi uku ko huɗu ce kawai, ka raba su biyu-biyu su gina ta da kansu, sannan a kwatanta abin da kowane rukuni ya sa a layin farko.